Ɗumama jikin aji mai ɗalibai 60: zagaye fili, tsayuwa a sahu, layi-layi ko wasa?

Malamin wasanni da aka ba aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 60 'yan shekara 12 zuwa 14, da darasi mai minti 40, ba minti 40 ne a hannunsa ba. Kafin su fito daga aji, su ajiye jakunkuna, masu sauya kaya su sauya, a kira suna, minti biyar zuwa bakwai sun tafi. A ƙarshe ma sai an bar musu wasu mintuna su sha ruwa su koma. Abin da ya rage wa ɗumama jiki bai wuce minti takwas zuwa goma ba. A cikin wannan ɗan lokaci ake so kowane yaro, daga mai zafin nama na sahun gaba har zuwa mai nauyin jiki da ke laɓewa a baya, ya samu jikinsa ya yi ɗumi, gaɓoɓinsa sun saki, tsokokinsa sun farka.

Hanyoyi huɗu aka fi bi wajen yin wannan aiki, kuma ma'aunin da ya kamata a auna su da shi ɗaya ne: cikin minti takwas ɗin nan, daƙiƙa nawa kowane yaro ya yi yana motsi na gaske, kuma ta fuska nawa gaɓoɓinsa suka motsa? Motsin da ya fi kowanne kyau a takarda ba ya amfanar yaron da ya ƙare lokacin a tsaye yana jiran layi ya zo kansa.

Abin da ake nema a jiki

Tsoka mai sanyi tana da tauri, tana jinkirin amsa umarni. Idan aka motsa ta na wasu mintuna, zafinta yana ƙaruwa da digiri biyu zuwa uku, jini ya ƙara kwarara cikinta, saƙon jijiya ya riƙa isa da sauri, ruwan da ke cikin gaɓa kuma ya tsinke ya bi ko'ina kamar man gyaɗa da ya ji wuta. Wannan shi ne aiki na farko. Na biyu shi ne a bi da kowace gaɓa ta hanyoyin da za ta bi a darasin: idon sawu ya lanƙwashe gaba, ƙugu ya buɗe gefe, kafaɗa ta kewaya, gadon baya ya juya. Na uku shi ne a kusantar da jiki ga saurin da za a nema a wurinsa, don kada gudun farko mai ƙarfi ya zo masa ba zato. Wani masanin horar da 'yan wasa ɗan Birtaniya, Ian Jeffreys, ya tsara wannan mataki-mataki a 2007: a ɗaga zafin jiki da bugun zuciya, a farkar da tsokoki, a saki gaɓoɓi, sannan a ƙara ƙarfi da sauri. Duk hanyar da malam ya zaɓa, wannan jeri ne zai bi, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, daga sannu zuwa sauri.

Zagaye fili sau biyu, sannan a tsaya a miƙa jiki

Wannan ce hanyar da yawancinmu muka taso muka tarar. Tana da sauƙi, ba ta buƙatar kayan aiki, kuma tana ba malam sarari ya jera kayan darasi. Tana kuma ɗumama jiki, babu musu a kan haka. Matsalarta tana bayyana ne idan aka dubi abin da ke faruwa da yara 60 a zagaye biyu na filin ƙwallo. Samarin da ke ji da kansu sukan mayar da abin tsere, su iso suna haki tun darasi bai fara ba. Na baya kuma sukan koma tafiya tun zagayen farko, su iso bayan minti biyu ko uku. A tsakanin nan na gaba suna tsaye jikinsu yana hucewa. Malam yana nesa da kowa, ba ya ganin yadda ƙafar kowa ke sauka.

Sannan gudu a miƙe fuska ɗaya kawai yake motsa jiki. Ƙugu bai buɗe gefe ba, idon sawu bai gwada juyawa ba, kafaɗa ba ta ɗaga sama ba. Idan darasin ƙwallon ƙafa ne ko ƙwallon raga, to ainihin motsin da ke jawo targaɗe, wato tsayawa kwatsam, juyawa da dirowa daga tsalle, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Miƙa jiki a tsaye da ke biyo baya shi ma yana da nasa aibi a wannan gurbi. Idan aka riƙe tsoka a miƙe fiye da daƙiƙa 60, ƙarfinta da saurinta sukan ɗan ragu na wani lokaci. Riƙon daƙiƙa 15 zuwa 20 ba ya yin wata illa da za a damu da ita, don haka ba sai an tsorata da shi ba. Babbar asarar ita ce lokaci: minti huɗu ana tsaye cik, ɗumin da gudu ya kawo yana zurarewa, musamman da safiyar hunturu. Miƙa jiki a tsaye yana da gurbinsa, wato ƙarshen darasi, ko darasin da ke buƙatar lanƙwasa sosai kamar alkafura da makamantanta. A ganinmu, malamin da ke da minti takwas kacal bai kamata ya kashe su a wannan hanya ba.

Kowa a wurinsa, cikin sahu

A nan ana jera yara sahu-sahu, kowa ya buɗe hannuwa har ya tabbatar ba ya taɓa na kusa da shi, wato kimanin mita biyu ta kowane gefe. Yara 60 a layi 12 masu mutum biyar-biyar za su ci fili mai faɗin mita 24 da zurfin mita 10. Malam yana gaba, ya juya wa rana fuska don yara su ba ta baya, su iya kallonsa ba tare da runtse ido ba.

Ƙarfin wannan hanya shi ne babu mai jira. Idan an yi minti biyar, kowane yaro ya yi motsin kusan minti biyar. Ita ce kuma hanyar da ta fi dacewa da sakin gaɓoɓi, domin tsuguno, ɗaga gwiwa, juya ƙugu da kewaya kafaɗa duk ana yin su ne a wuri ɗaya, a hankali, da ƙidaya. Malam yana iya ganin kuskure ya gyara wa aji duka da kalma ɗaya. Yaran da suka saba da faretin safe ba sa wahalar shiga sahu, kuma makarantar da ba ta da fili sai farfajiyar taro tana iya yin ta.

Rauninta biyu ne. Na farko, ba a gudu a wuri ɗaya. Sassarfa a tsaye tana ɗaga bugun zuciya, amma ba ta miƙa tsokar bayan cinya yadda dogon taku ke yi, kuma ba ta koya wa ƙafa taka birki. Idan abin da ke tafe tseren mita 100 ne, wannan hanya ita kaɗai ba ta isa ba. Na biyu, sahun baya. Idan zurfin sahu ya wuce mutum biyar ko shida, na baya ba sa ganin ƙafar malam, sai su kwaikwayi na gabansu, kuskure ya riƙa ƙaruwa daga sahu zuwa sahu. Shi ya sa ya fi kyau a faɗaɗa sahu a rage masa zurfi: layi 12 na mutum biyar ya fi layi shida na mutum goma. Akwai kuma dabara mai sauƙi: a tsakiyar ɗumamawar malam ya ce a juya baya, shi kuma ya zagaya ya koma can, sahun ƙarshe ya zama na farko.

Layi-layi tsakanin alamomi biyu

Wannan ita ce hanyar ƙungiyoyin ƙwallo. Ana sa alama a nan, a sa wata a nisan mita 15, yara su riƙa ƙetarawa rukuni-rukuni, kowace ƙetarawa da irin motsinta: ɗaga gwiwa, duka mazaunai da dunduniya, tafiyar gefe, ja da baya. Ta fi kowace hanya kama da abin da jiki zai yi a wasa, kuma malam da ya tsaya a gefe yana ganin kowane yaro yana wucewa ta gabansa. Amma a babban aji ita ce ta fi saurin lalacewa, kuma lissafi ne ke nuna dalili.

A ce malam ya yi layi huɗu masu mutum 15, kuma yana jiran rukuni ya isa can kafin ya saki na gaba. Ƙetare mita 15 da ɗaga gwiwa yana cin kimanin daƙiƙa 10. Rukuni 15 ke nan sau daƙiƙa 10, wato daƙiƙa 150 kafin motsi ɗaya ya zagaya aji. A minti takwas motsi uku kawai za a yi, kowane yaro ya motsa na daƙiƙa 30, ya tsaya na minti bakwai da rabi. Daga nesa fili cike yake da aiki, usur na tashi, ƙura na tashi, amma babu wanda jikinsa ya yi ɗumi. A cikin wannan jira ne kuma ake fara ture-ture da tsokana.

Yanzu a sauya abu biyu. A yi layi 12 masu mutum biyar, kuma a saki kowane rukuni bayan daƙiƙa huɗu, ba sai na gaba ya isa ba. Rukuni na biyar zai tashi a daƙiƙa ta 16 ya isa a ta 26. Kada kowa ya dawo, su jeru a can, su juyo, a sake ƙetarowa da sabon motsi. Kowace ƙetarawa ta zama rabin minti, yaro ya yi aikin daƙiƙa 10 ya huta 20. A minti huɗu an yi motsi takwas. Wannan hutu na daƙiƙa 20 ba asara ba ne idan motsin mai ƙarfi ne, shi ne ma daidai. Amma ya yi yawa ga jikin da bai riga ya ɗumama ba, shi ya sa layi-layi ya fi kyau a rabin ƙarshe na ɗumamawa, ba a farkonta ba.

Game da alamomi, ba sai an sayi na roba ba. Layin toka ko na farar ƙasa, ko a ja layi da sanda a kan rairayi, ya wadatar. A guji duwatsu da gwangwanaye masu kaifin baki, domin mai ja da baya ba ya ganin abin da zai taka.

A ƙarƙashin wannan hanya ne shirin FIFA 11+ yake, wanda aka fitar a 2006 don ɗumama jiki da rage raunuka ga 'yan ƙwallo daga shekara 14 zuwa sama. Yana da motsi 15 a kashi uku: gudu na minti takwas tsakanin alamomi shida-shida da aka jera biyu-biyu, sai minti goma na ƙarfafa ciki, cinya da daidaita tsayuwa, sai minti biyu na gudu mai sauri. An gwada shi a kan 'yan mata masu ƙwallo a Norway, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. An kuma gwada shi a gasar matasa ta Legas da ƙungiyoyi 20, sakamakon 2014 ya nuna raguwar kashi 41 cikin 100. Shiri ne mai inganci, amma minti 20 yake ci, kuma an tsara shi ne don ƙungiya, ba aji 60 ba. Ga ƙungiyar makaranta da ke atisaye da yamma, a ɗauke shi gaba ɗaya, aƙalla sau biyu a mako. Ga darasin minti 40, abin da za a aro daga cikinsa shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya, dirowa a kan gwiwa lanƙwasasshiya, da dagewa a kan kada gwiwa ta faɗa ciki.

Ɗumamawa ta hanyar wasa

Wasan guje-guje, inda wasu ke bin sauran su taɓa su, yana ɗaga bugun zuciya cikin minti biyu, kuma babu yaron da sai an roƙe shi. Ga 'yan firamare, waɗanda ba sa jure ƙidaya da tsayuwa a sahu, wannan ce hanyar da ta fi aiki. Sai dai tana juya jerin da muka ambata: tana farawa da gudu mafi ƙarfi da juyi mafi kaifi a daƙiƙar farko, a kan jiki mai sanyi. Yara 60 a fili ɗaya kowa na gudu ta inda ya ga dama kuma karo ne ke jiran faruwa, goshi da goshi.

Ana iya gyara ta. A raba aji gida huɗu na mutum 15, kowane gida da filinsa na mita 12 zuwa 15 ta kowane gefe, da masu kamu biyu. Minti na farko kowa tafiya mai sauri zai yi, har masu kamun. Minti na biyu tafiyar gefe ko sassarfa. Sai a na uku a saki gudu. Wanda aka taɓa ba ya fita ya zauna, domin mai fita da wuri shi ne yaron da ya fi buƙatar motsin. Ya yi tsuguno uku ya dawo. Langa, da yaranmu suka sani tun suna ƙanana, tana horar da idon sawu da daidaita tsayuwa sosai, amma tsalle ne da ƙafa ɗaya ana riƙe da ɗayar, ga ture, don haka gurbinta ƙarshen ɗumamawa ne, na daƙiƙa 15 kowace ƙafa, ba tare da ture ba. Ko da an gyara, wasa ba ya tabbatar da cewa kowace gaɓa ta samu rabonta. Kafaɗa da gadon baya sukan tashi a tutar babu.

Wacce za a ɗauka

Ga ajin nan namu mai yara 60 da minti tara, shawararmu ita ce a haɗa tsayuwa a sahu da layi-layi, kuma abin da ke sa haɗin ya yi aiki shi ne jeri ɗaya ake amfani da shi. Layi 12 masu mutum biyar da aka tsaya a ciki don motsin wuri ɗaya su ne za su zama layukan ƙetarawa, ba sai an sake jera kowa ba. Sake jera yara 60 yana cin minti ɗaya zuwa biyu. Filin da ake buƙata mita 24 ne a faɗi da kimanin 30 a tsawo, bai kai kwatan filin ƙwallo ba. Kowane yaro ya san lambar layinsa tun makon farko na zango, kuma kowane layi yana da shugaba a gaba.

Ga yadda mintunan za su tafi idan darasin ranar ƙwallon ƙafa ne. Minti biyu na farko na ɗaga zafin jiki ne, kowa a wurinsa: rabin minti na taku irin na fareti ana kaɗa hannuwa, rabin minti na sassarfa a tsaye, rabin minti na taku biyu dama biyu hagu, sai rabin minti na ƙananan tsalle ana buɗe ƙafa da rufewa. Ba a tsayawa tsakaninsu, malam yana faɗin motsi na gaba ne yayin da ake cikin na yanzu.

Minti uku na gaba na gaɓoɓi ne, daga ƙasa zuwa sama, don kada a manta da wata. A ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu, a sauko a ɗaga yatsu a tsaya kan dunduniya, sau goma. A tsuguna har cinya ta kusa daidaita da ƙasa, hannuwa a miƙe gaba, sau takwas, ana ƙidaya biyu wajen sauka, ɗaya wajen tashi. A ja ƙafa ɗaya baya da dogon taku, a sauke gwiwarta kusa da ƙasa, a ɗaga hannuwa sama, sau biyar kowace ƙafa. Wannan yana buɗe gaban ƙugu, wurin da zaman benci na awa uku ya ɗaure. A ɗaga gwiwa gaba a kewaya da ita waje kamar mai ƙetare ƙaramar katanga, sau biyar kowane gefe. A juya ƙirji dama da hagu, ƙafafu a kafe, sau goma. A kewaya hannuwa gaba sau takwas, baya sau takwas, daga ƙaramin da'ira zuwa babba. A rufe da tsayuwa kan ƙafa ɗaya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, daƙiƙa 15 kowace ƙafa.

Daga nan layuka su matso su haɗe a bayan alamar farko, a yi ƙetarawa shida cikin minti uku. Ta farko tafiya ce ana harba ƙafa a miƙe gaba zuwa tsayin ƙugu, ba fiye ba. Ta biyu ɗaga gwiwa da sassarfa. Ta uku dunduniya zuwa mazaunai. Ta huɗu da ta biyar tafiyar gefe a ɗan duƙe. Idan yara suna kallon gefe ɗaya na fili a tafiya da dawowa, ƙafar da ke ja gaba za ta sauya da kanta. Ta shida sassarfa gaba zuwa rabi, a juya a ƙarasa da baya-baya. Minti na ƙarshe gudu biyu ne, na farko da kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfi, na biyu kusa da 90, kowanne a tsaya da gajerun taku uku, ƙugu a ƙasa. A nan a ƙara tazarar sakin rukuni zuwa daƙiƙa biyar, kuma waɗanda suka isa su matsa gaba su ba na baya wurin tsayawa.

Idan darasin ƙwallon raga ne ko na hannu, jerin bai sauya ba sai wurare biyu: a ninka aikin kafaɗa, a maye gurbin gudu biyun ƙarshe da tsalle biyar ana dirowa da ƙafa biyu ba tare da an ji ƙarar dirowar ba. Idan babu fili sai farfajiya, a yi minti tara duka a sahu, a rage wa darasin gudu mai ƙarfi. Idan aji bai wuce yara 25 ba, layi-layi daga farko har ƙarshe ya isa, domin layi takwas masu mutum uku ba su da jira. 'Yan firamare ɗaya zuwa uku kuwa, a ba su wasa na minti uku mai hawa mataki-mataki, sai minti biyu na gaɓoɓi da kwaikwayon dabbobi: tafiyar agwagwa dai a bar ta, domin tana danne gwiwa a cikakken tsuguno, amma tsallen kwaɗo gajere da miƙewar mage suna da kyau.

Abin da ido zai nema

Kuskuren da ya fi kowanne muhimmanci shi ne gwiwa ta karkata ciki wajen tsuguno ko dirowa, har gwiwoyi biyu su nufi juna. Ana ganinsa ne daga gaba, ba daga gefe ba. Yawanci alama ce ta raunin tsokar gefen ƙugu, kuma shi ne yanayin da jijiyar cikin gwiwa ke tsinkewa a cikinsa, abin da ya fi samun 'yan mata bayan balaga. Dogon bayani ba ya gyara shi. A ce «gwiwa ta kalli yatsun ƙafa», a rage zurfin tsugunon har yaro ya iya riƙe ta daidai. Idan dunduniya na ɗagawa wajen tsuguno, agara da sharaɓa ne suka ɗaure, sai a ɗan buɗe ƙafafu a ƙara aikin idon sawu. Idan yaro na lanƙwasa baya don ƙafarsa ta kai sama wajen harbi, ya wuce iyakarsa, ya sauke ƙafar. Dirowar da ake jin ƙararta daga nesa tana nufin gwiwa a sandare take.

Akwai motsi biyu da suka daɗe a filayenmu da ya kamata a ajiye: kewaya wuya gaba ɗaya har kai ya faɗa baya, da sunkuyawa a taɓa yatsun ƙafa ana zabura da gwiwa a miƙe. Wuya ya isa a juya shi dama da hagu, a sunkuyar da shi gaba, a hankali. Zaburar kuwa tana sa tsokar da ake son ta saki ta ƙara ɗaurewa.

Yara 'yan shekara 11 zuwa 14 suna cikin saurin girma, ƙashi yana riga tsoka tsawo. Wanda ya ce yana jin ciwo a ɗan tudun da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko a bayan dunduniya, ba lalaci yake yi ba. Wurin da jijiya ke manne da ƙashi mai girma ne ya kumbura. A cire masa tsalle da gudu mai ƙarfi, ya yi sauran, a sanar da iyayensa idan ciwon ya daɗe. Masu silifas su ma kada su yi tafiyar gefe da baya-baya da shi. Ɗalibai mata da ke da dogon siket ko dogon hijabi suna buƙatar wando a ciki da ɗan gajeren hijabi da ba ya naɗe hannu. Inda babu, a sauya ɗaga gwiwa da harba ƙafa zuwa taku mai sauri da ɗaga dunduniya, don kada su koma gefe su zama 'yan kallo.

Yanayi yana sauya tsawon lokacin, jerin dai yana nan. Da safiyar Disamba da Janairu, lokacin da sanyi a Kano, Jos ko Damagaram ke sa yara rawar ɗari, a ƙara kashin farko zuwa minti huɗu, a bar su da rigar sanyi har sai an zo ƙetarawa. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska suna tayar da asma, kuma hawa sannu a hankali yana rage wa masu ita tsananin tari da toshewar ƙirji, amma abin shaƙarsu ya kasance a bakin fili, ba a cikin aji ba. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, minti ɗaya ya isa kashin farko, a yi na gaɓoɓi a inuwa, a sha ruwa kafin a fara. Masu sikila suna iya shiga motsin gaɓoɓi, amma tsananin zafi, sanyi, ƙishirwa da gajiya suna iya tayar musu da ciwo, don haka su yi da nasu sauri, su huta duk lokacin da suka so, kuma malam ya san su da suna tun farkon zango. Da azumi ma a bar gudu biyun ƙarshe, a tsaya a sassarfa.

Alamar cewa ɗumamawa ta yi ita ce ɗan gumi a goshi da numfashi da ya ɗaga, amma yaro na iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da yankewa ba. Idan suna dafa gwiwa suna haki, an wuce gona da iri. Idan na sahun baya har yanzu hannuwansu na cikin aljihu, a ƙara minti ɗaya na kashin farko. Da zarar an gama kuma a shiga darasi kai tsaye. Malamin da ya zaunar da yara a ƙasa ya yi musu bayanin dokokin wasa na minti goma ya mayar da su kusan inda suka fito, saboda haka dogon bayani a yi shi a aji kafin a fito, ko a bakin fili kafin usur na farko.